Tambaya ga malaman lissafi: ɗalibaina sun maƙale kan cm³ zuwa m³

Assalamu alaikum, malamai. Ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a nan Maraɗi, kuma sati biyu ke nan wani darasi ya hana ni sakat.

Mayar da santimita kubik zuwa lita bai ba mu wahala ba. Na haɗa akwatin kwali mai 10 cm kowane gefe, muka cika shi da gero, muka juye cikin kwalbar lita ɗaya, ya shige daidai. Nan take suka gane 10 × 10 × 10 = 1000 cm³, wato lita 1. Da na ba su jarka mai 20 000 cm³, suka raba da 1000, suka ce lita 20.

Matsalar tana wajen mita kubik. Tunda sun haddace cewa mita 1 santimita 100 ce, sai su raba da 100 kawai. Na ba su tankin ruwa mai tsawo 200 cm, faɗi 150 cm, zurfi 100 cm. Sun samu 3 000 000 cm³ lafiya lau, amma mafi yawansu suka rubuta 30 000 m³, alhali amsar 3 m³ ce, lita 3000. Na rubuta 100 × 100 × 100 = 1 000 000 a allo har alli ya ƙare, washegari suka koma gidan jiya.

Shin in riƙa bi da su ta lita, a raba da 1000 sau biyu, ko su fara mayar da kowane gefe zuwa mita, 2 × 1,5 × 1, kafin su ninka? Wacce ta fi zama a kan yaro? Don Allah wanda ya gwada ya taimaka min, jarrabawa ta matso.