Hotunan jirgi sun ƙi haɗuwa a tsakiyar gonar hatsi

Assalamu alaikum 'yan'uwa, a taimaka mini. Ina auna wata gona mai hekta 12 kusa da Ƙonni, cikin jihar Tawa. Na tashi jirgi marar matuƙi mai ɗaukar hoto a tsayin mita 60, hotuna na hawan juna kashi 75 a gaba, 65 a gefe. Da na ɗinke su a manhajar WebODM, gefuna sun fito daidai, amma tsakiya, inda hatsi ya yi kai, duk ramuka ne da layuka karkatattu. Alamomin ƙasa biyar na sa, huɗu a kusurwoyi, ta tsakiya ganye ya rufe ta.

Zargina iska ce ke kaɗa hatsin, manhajar ta kasa gane wuri ɗaya a hotuna biyu. In hau mita 100 in kai hawan junan kashi 85, ko in jira girbi?