Uwa ta yanke hukunci ta waya, kaka ce ke zama da kukan

Maman Ikilima:
Salamu alaikum. Ina neman waɗanda suka san irin wannan da idonsu. Yaro ɗan shekara 8 yana hannun kakanninsa daga Litinin zuwa Juma'a, iyayen sai ƙarshen mako. Ya ƙi yin aikin gida, malamarsa ta sanar da uwar, uwar ta bugo waya ran Litinin ta ce an hana shi kallon talabijin mako guda. Ran Talata kakar ta kunna masa, ta ce kukan ya ishe ta. Kakan kuma ya ce duk wasa ake, bulala biyu ta gama magana. Yanzu uwa da kaka ba sa ga maciji. A ina aka kuskure?

Malama Rabi:
Wa'alaikumus salam. Hukuncin nan tun a wayar ya mutu. Ki lissafa: kwana bakwai ne, biyar daga ciki a gidan kaka za su faɗo. Uwar ta yi magana ta minti biyu ta ajiye waya, tsohuwa ce za ta zauna da yaro mai ƙorafi yamma biyar a jere, kuma in ba a kunna masa ba ita ma ta rasa nata kallon. Ba a yanke hukuncin da wani zai ɗauki nauyinsa sai an tambaye shi ko zai iya.

Ga shi kuma ya yi tsawo. Ɗan shekara 8 zuwa Laraba ya manta aikin gidan, abin da ya riƙe shi ne Mama ta hana, Kaka na iya bari. Kuma da zarar an ƙwace masa mako sukutum, babu abin da zai sa ya yi aikin Talata, tunda ko ya yi ba zai kalla ba. Abin da ke aiki shi ne a ɗaure kallon da aikin kullum. Ya dawo, ya huta, ya zauna aiki a lokaci ɗaya kowace rana, misali ƙarfe 4:30. Ya gama ya nuna littafi, a kunna. Bai gama ba, ba kallo yau, gobe a sake sabon lissafi. Kaka ba ta buƙatar iya karanta darasin, ta duba shafin ya cika kawai, gyara na uwa ne ran Asabar.

Baba Audu:
Malama, kin faɗi gaskiya amma kin bar guda. Yawanci uwar takan ce a miƙa wa yaron wayar, ko ta sa a buɗe murya, ta faɗi hukuncin kowa na ji. To yaron ya ji an ba kakarsa umarni a gidanta. Gobe da wane baki za ta ce masa zauna? Mu ba 'yan aiki ba ne. A fara magana da babba shi kaɗai, in an daidaita, babban da ke gidan shi zai faɗa wa yaro da bakinsa. Amma batun bulala, ina tare da kakan. Da ita aka tashi iyayen nasa, ga su nan sun zama mutane.

Malama Rabi:
Baba, na farkon na karɓa hannu bibbiyu. Bulalar ce ban yarda ba. Tana tsayar da abu nan take, shi ya sa ake ganin tana aiki, amma ba ta koya masa zama ya yi aikin. Abin da yake koya shi ne ɓoye littafin ya ce yau ba a bayar ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma a 2018 ta fitar da matsaya cewa a daina dukan yara don horo. A gida biyu kuma tana da wata illa: yaron zai nuna wa uwarsa shaida ran Asabar, rigima ta bar aikin gida ta koma tsakanin manya, shi kuwa ya tsira.

Ummu Haidar:
Ni dai laifin waya da talabijin nake gani. Tagwayena shekararsu 3, in sun je wurin surukata sai ta miƙa musu waya don su yi shiru. A cire talabijin ɗin daga gidan a huta.

Anti Jummai:
Ummu Haidar, naki daban ne, 'yan shekara 3 ba a yi musu hukuncin gobe. Su nan take ake yi, a zaunar da yaro wuri guda kusan minti ɗaya kan kowace shekararsa, wato minti 3. Kuma ba a cire wa tsofaffi talabijin ɗinsu saboda jika.

Maman Ikilima, abin da zan so a duba shi ne lokacin da kakar ke karya dokar. In kullum da yamma liƙis ne, gajiya ce, ba shagwaɓa ba. Mace mai ciwon gwiwa ko hawan jini da ta yini da yaro, talabijin ɗin nan shi ne sa'a guda da take samu ta miƙe ƙafa. In haka ne, wa'azi ba zai yi ba, a matso da aikin gida da wuri ko a samo wanda zai zauna da shi na minti 30. In kuwa ko da safe tana soke abin da uwar ta faɗa, har tana ce wa yaron rabu da uwarka, to wannan jan iko ne, zama ake yi a kai ba a gaban yaro ba.

Malama Rabi:
Anti ta taɓo inda ya fi muni, ranar Talatan nan. Duk sabuwar doka, kwanakin farko kuka ƙaruwa yake yi kafin ya sauka, yaro na gwada ko da gaske ake. In ya yi minti 40 yana kuka aka kunna, ya koyi cewa minti 40 ne kuɗin kallo, wani karon zai kai 50. Gara ma ba a sa dokar ba. Shi ya sa a gaya wa kaka tun farko cewa zai tsananta, kada ta ɗauka tsarin ne ya gaza. Kuma dokokin da za a haɗa gida biyu a kansu kada su wuce uku: aiki kafin kallo, lokacin barci, da abin da ake yi in ya yi rashin kunya. Barcin ba abin wasa ba ne, mai shekara 6 zuwa 12 na buƙatar awa 9 zuwa 12, in zai tashi 6 na safe to ƙarfe 9 ya zama ya yi barci. Sauran ƙananan abubuwa a bar wa kaka gidanta.

Abban Sadik:
Ƙari kaɗan. Alamar yaro ya gano ɓaraka ita ce ya tambayi kaka ta hana, ya ɗauki waya ya tambayi uwa ba tare da ya faɗi an hana ba. Amsa ɗaya ce: me Kaka ta ce? Sannan iyaye su ma su riƙe dokar ran Asabar da Lahadi. Da yawa su ne ke barin yaro ya kai ƙarfe 11 yana kallo saboda kewa, ran Litinin su miƙa wa tsohuwa yaro mai gyangyaɗi, su dawo suna cewa ita ke lalata shi.

Baba Audu:
To in ya zagi kakarsa fa? Shi ma gobe a sake sabon lissafi? A nan ni ban sauka ba.

Maman Ikilima:
Na gode ƙwarai. Abin da ban faɗa ba, kakannin iyayen mijin ne, shi kuma ya ce ba zai iya ce wa mahaifinsa ya ajiye bulala ba.

Anti Jummai:
To ai nan gizo ke saƙa. Maganar talabijin suruka na iya yi da kakar cikin ladabi, amma ta bulala ɗansu ne zai yi, shi da mahaifinsa su biyu. In ita ta faɗa, raini za a ji. Ki tambayi uwar ko ya taɓa gwadawa ma, ko tsoro ne kawai.