Makin gwajin ɗana ya rabu gida biyu, me hakan ke nufi?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana yana da shekara 8, ajinsa uku a firamare a nan Kano, makarantar Turanci ce, amma Hausa muke yi a gida. Malamarsa ta ce ba ya bin bayani, shi ne muka kai shi wajen masanin halayyar ɗan Adam, ya yi masa gwajin auna basira na WISC-V da Turanci. A ɓangaren fahimtar magana, VCI, ya ci 78. A ɓangarori biyu na zane da siffofi ya ci 105 da 103. Jimilla an rubuta 91. An ce ana zargin matsalar harshe. Shin wannan tazarar ta tabbatar da hakan ke nan? Bai fara haɗa kalmomi ba sai da ya kusa shekara uku.

Hajiya Inna: Wa alaikumus salam. 'Yata, an duba ƙarƙashin harshen nasa kuwa? Jikana ma haka ya yi, ashe linzami ne. Da aka yanka masa a asibiti, magana ta fito ras. Ki ɗaga harshen ki gani, in ya liƙe da ƙasa to shi ne.

Maman Sadiq: Hajiya, na gode. Harshensa lafiya lau, kalmomi suna fita sarai. Abin da ke damuna shi ne in na aike shi da saƙo mai hawa biyu, rabi yake kawowa. In kuma yana ba da labari sai ka rasa wa ya yi me.

Malam Bala: Shekarata goma sha huɗu ina koyarwa a firamare. Ni dai ina ganin babu abin da ke damun yaron nan illa Turanci. Kin ɗauki yaron da ya tashi da Hausa, an zaunar da shi ana tambayarsa ma'anar kalmomin Turanci, sannan aka auna shi da yaran da aka haifa cikin Turancin. To ya za a yi ya ci? Wanda ya ci 105 a harhaɗa siffofi ai kansa na ja. Ki samo masa malamin lesin, ki kwantar da hankalinki.

Anti Rabi: Maman Sadiq, sannu da ƙoƙari. Aikina ke nan, duba yara masu matsalar magana da fahimta, don haka bari in ɗan tsawaita.

A wannan gwajin 100 ce tsakiya, kuma yawancin yara suna faɗawa tsakanin 85 da 115. Maki 78 na nufin in an jera yara ɗari sa'o'insa daga cikin waɗanda aka gina gwajin a kansu, kusan bakwai ne kawai za su yi ƙasa da shi. Maki 105 kuwa ya haura tsakiya kaɗan. Tazarar maki goma ko makamancin haka ana yawan samunta a yaran da babu abin da ke damunsu, amma 27 ta yi faɗin da ba za a ce dace ba ne. Akwai abin da ke janyo ta. Sai dai takardar ba ta faɗa mana ko mene ne ba.

Ki dubi yadda ake samo 78 ɗin. Ayyuka biyu ne kacal. A ɗaya ana tambayar yaro ma'anar kalma, a ɗayan a ba shi abubuwa biyu a ce ya faɗi ta ina suka yi kama. Duka biyun sai yaro ya san kalmar, sannan ya iya tsara amsa da bakinsa. A ɗaya ɓangaren kuwa 'yan tubala masu launin ja da fari ake ba shi ya kwaikwayi zane, ko ya nuna hoton da ya cike gurbi, yatsa ma ya isa. Saboda haka yara iri huɗu za su iya fitowa da takarda iri ɗaya da ta ɗanki: wanda ke da matsalar harshe ta asali, wanda Turancinsa ne bai nuna ba, wanda kunnensa ba ya ji sosai, da wanda kunya ko tsoron baƙo ya hana shi buɗe baki. Malam Bala ya yi gaskiya a rabin maganarsa. Gwajin nan a Amurka aka fitar da shi a 2014, a kan yaran can aka auna makinsa, don haka 78 ɗin ba ma'aunin ƙwaƙwalwar ɗanki ba ne.

Jimillar 91 kuwa, ki ajiye ta gefe. An cakuɗa ɓangaren da ya yi ƙasa da wanda ya yi sama ne aka fitar da lamba a tsakiya, kuma ba ta kwatanta yaron a kowanne ɓangare. Kada ki bari makaranta ta riƙe ta a matsayin iyakarsa.

Inda na rabu da Malam Bala shi ne abubuwa biyu da kika faɗa da bakinki. Yawancin yara suna haɗa kalma biyu a wajen shekara biyu, naki sai kusan uku, kuma a lokacin Turanci bai shigo rayuwarsa ba. Sannan aiken da yake kawo rabinsa, ai da Hausa kike aikensa. Matsalar harshe ta asali ba ta zaɓar yare. In tana nan, za ta bayyana a Hausarsa kamar yadda ta bayyana a Turanci. In Hausarsa daidai take da ta sa'o'insa, to ba ita ba ce.

Ga abin da zan so ki yi cikin makon nan. Ki samu wani yaro sa'ansa a gida ko maƙwabta, wanda shi ma makarantar Turanci yake zuwa, ki gwada su ɗaya bayan ɗaya cikin wasa. Ki faɗi jimla ki ce a maimaita ta yadda take, misali: "Yarinyar da ta sayo ƙosai ta ba ƙaninta guda biyu kafin ta tafi islamiyya." Yaro mai matsalar yakan riƙo manyan kalmomin, ya ce wani abu kamar "yarinya ta sayo ƙosai ta tafi islamiyya", ya zubar da "da ta" da "kafin", wato ƙananan kalmomin da ke ɗaure jimlar. Ki yi jimloli goma, daga gajeru zuwa dogaye, ki rubuta ainihin abin da kowa ya faɗa. Bayan haka ki ba su gajeriyar tatsuniya wadda ba su taɓa ji ba, kowa ya maido miki ita, ki ɗauka a waya. Ki saurara ko yana ambatar wanda ya aikata abu, ko kuwa "ya je, sai ya ɗauko abin nan, sai ya ba shi" ne tun daga fari har ƙarshe. Wannan ba gwajin asibiti ba ne, amma in kika kai wa ƙwararre muryar da rubutun, sun fi masa amfani a kan lamba 78.

Kafin komai ma, a auna jinsa a sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Ruwa yakan taru a bayan dodon kunne ba tare da ciwo ba, yaro ya riƙa jin magana kamar daga cikin randa. Gwajin ba ya ɗaukar lokaci.

Abban Zara: Anti, lokacin da nake karatun ilimin yara masu buƙata ta musamman, an koya mana cewa sai makin da ba na magana ba ya kai 85, kuma ya zarce na magana sosai, kafin a kira abin matsalar harshe. A bisa wannan ai yaron ya cika sharaɗi, tunda yana da 105 da 78.

Anti Rabi: Haka aka daɗe ana yi, Abban Zara, lokacin da ake kiran abin SLI, wato matsalar da ta keɓanta ga harshe kaɗai. Amma a 2016 da 2017 wani rukunin ƙwararru ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dorothy Bishop ta Jami'ar Oxford, a aikin da ake kira CATALISE, sun yi ittifaƙi a daina neman tazarar, aka koma kiransa DLD, wato matsalar haɓakar harshe. Dalili shi ne tsohon sharaɗin yana zubar da yara. Ka ɗauki yarinyar da ta ci 76 a magana, 82 a siffofi. Babu tazara, sai a ce ba ta cancanci taimako ba, alhali wahalarta a aji ba ta gaza ta wannan yaron ba. Yanzu abin da ake dubawa shi ne ko harshen yaro ya gaza na sa'o'insa har yana taɓa karatunsa da mu'amalarsa, kuma ya ƙi wucewa da girma. Tazarar na iya sa a fara bincike, amma ba ta tabbatarwa, rashinta kuma ba ya korewa. Abin ma ba baƙo ba ne, binciken da aka yi a yankin Surrey na Ingila, wanda ya fito a 2016, ya samu kusan yara biyu a ajin mutum talatin.

Maman Sadiq: Anti, Allah ya saka. Amma wani abu na ɗaure min kai. A islamiyya haddarsa tana tafiya, ya wuce izu biyu. Mai matsalar harshe zai iya haka?

Anti Rabi: Zai iya, kuma ki gode wa Allah a kan wannan. Hadda ana maimaita ta sau da yawa, da murya ɗaya da tsari ɗaya, har ta zauna. Saƙon aike kuwa sau ɗaya ake faɗa, kuma sai ya fahimta kafin ya riƙe. Ki tambayi malaminsa ko sabon karatu yana ɗaukarsa lokaci fiye da 'yan ajinsu. Ki kuma duba takardar gwajin, akwai wajen da aka sa shi maimaita lambobi, ki faɗa min nawa ya ci a can.

Maman Hanan: Ni tawa labarinta ya bambanta. Ita ma an samu tazara, kusan maki ashirin, hankalina ya tashi. Muka canza mata makaranta zuwa inda malamar ke fassara darasi da Hausa, cikin shekara ɗaya ta kamo 'yan ajin. Amma gaskiya ita tun tana ƙarama bakinta ba ya shiru, har surutunta ake kuka da shi. Ni da zan ba ki shawara, ki mayar da shi inda ake haɗawa da Hausa.

Malam Bala: To ni kuma a nan nake jin tsoro. Jarrabawar gaba duk da Turanci ce. Wasu ma cewa suke a daina yi wa irin wannan yaron Hausa a gida don kada a raba masa hankali.

Anti Rabi: Wannan kam a'a, Malam. Yare biyu ba ya haifar da matsalar, kuma cire Hausa zai raba shi da harshen da iyayensa suka fi iya yi masa bayani da shi. Batun canza makaranta dai ba zan yanke ba sai mun ji sakamakon kunne da yadda Hausar tasa take. Kafin nan, Maman Sadiq, ki roƙi malamarsa ta zaunar da shi a gaba, ta riƙa ba shi umarni ɗaya-ɗaya, tana nunawa a allo.

Maman Sadiq: Na gwada jimlolin jiya da dare, shi da ɗan yayata. Ɗan yayata ya maido tara daidai, nawa huɗu, kuma duk dogayen ne ya gutsure. A maimaita lambobi an rubuta masa 7. Ranar Litinin za mu je awon kunne in sha Allahu. Tatsuniyar ce ba mu yi ba tukuna, barci ya ɗauke shi.