Neman Hausar “radif”, kalmar da ke maimaituwa a ƙarshen baitocin gazal

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai. Ina gwada rubuta waƙa a kan tsarin gazal na Farisa da Urdu, irin wanda Hafiz na Shiraz ya shahara da shi a ƙarni na 14, inda kowane baiti mai ɗango biyu yake tsayawa da ƙafarsa, amma kalma ɗaya tana dawowa a ƙarshen kowanne. Su suna kiran wannan kalma radif. Me ya dace mu kira ta da Hausa?

Wani mawaƙi: Wa alaikumus salam. Ni ban ga abin nema ba, domin duk abin da ake maimaitawa a waƙa amshi ne, kuma haka muke kiransa tun kaka da kakanni.

Malamar adabi: Malam, maimaituwar ce kaɗai ta haɗa su. Amshi ɗango ne ko baiti mai zaman kansa wanda ’yan amshi suke karɓa, kuma idan aka cire shi baitin jagora ba ya rushewa. Radif kuwa yana cikin jimlar ɗangon, kuma dole ƙafiya ta zo daf kafinsa. Ga misali da na tsara, a yafe mini rashin daidaiton kari:

Na zauna jiran ki har na ɓata rana,
Kika ce in yi haƙuri sai wata rana.

Maƙwabta sun cika gidansu da guɗa,
Ashe dangi ne suka sa mata rana.

“Rana” ita ce radif, ƙafiyar kuma tana cikin ɓata, wata da mata. A baitin buɗewa, wanda suke kira madla’i, ɗangwayen biyu duka suna ɗauke da su, amma daga baiti na biyu sai ɗango na ƙarshe kaɗai. A lura cewa ranar farko wuni ce, ta biyu lokaci ne da ba a ƙayyade ba, ta uku kuma ranar aure, kuma a wannan sauyin ma’ana gwaninta take. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne su ɗauka maimaita kalmar ya wadatar, su rubuta “na fita gona cikin zafin rana”. Hanyar ganewa ita ce a rufe “rana” da yatsa a karanta abin da ya gabace ta, nan take za a ji zafin bai amsa ɓata da wata ba.

Wani ɗalibi: Malama, ni a ganina a ce waƙar bege kawai, tun da gazal zancen soyayya ne.

Mai tambaya: Ɗan’uwa, ba sunan waƙar nake nema ba, sunan wannan kalma ta ƙarshe nake nema.

Malamin Larabci: Na fi son a Hausantar da ita a ce radifi, kamar yadda muka karɓi baiti da ƙafiya ba tare da gardama ba. A ilimin ƙafiya ma mun karanta ta, harafin maddi ne da ke zuwa kafin harafin da aka gina ƙafiya a kansa.

Malamar adabi: Allah ya gafarta Malam, wancan ridfu ne, kuma yana gaban harafin ƙafiya, alhali radif yana bayanta. Saiwarsu ɗaya, shi ya sa nake tsoron radifi zai rikita waɗanda suka yi karatun zaure. Amma saiwar ta ba ni shawara, domin a Larabci radif shi ne wanda aka ɗora a bayan mahayi a kan raƙumi, mu kuma goyo muke ce wa wannan, ko a kan keke ko a kan babur. Saboda haka nake ba da shawarar “goyon ƙafiya”.

Wani mawaƙi: Na janye amshi, Malama, amma wa ya goyi wa? Mai karatu zai iya zaton ƙafiyar ce aka goya.

Malamar adabi: Idan aka ce goyon kaka, kowa ya san kakar ce mai goyo, haka nan ƙafiya ce a gaba, goyonta a baya. Na guje wa “kalmar goyo” ne saboda radif yakan zama kalmomi biyu ko uku, kamar yadda ake yawan samu a gazal ɗin Mirza Galib, wanda ya rasu a Delhi a 1869.

Malamin Larabci: Na karɓi gyaran ridfu, kuma na gode. Sai dai har yanzu ina ganin a takardar ilimi radifi zai fi sauƙin komawa ga asali, goyon ƙafiya kuma a bar shi wa aji.

Mai tambaya: Zan yi amfani da goyon ƙafiya a gabatarwar waƙar. Malama, na ƙirga kalmomin da za su hau gaban “rana” ban wuce huɗu ba, gazal kuma ana so ya kai baiti biyar, wato ƙafiya shida, saboda haka ina roƙon a taimaka mini da saura biyu.