Sifikar na magana, amma rimot ya ƙi ta

Maman Hanif, Unguwar Rimi: Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Maigida ya sayo doguwar sifikar nan ta talabijin a Kasuwar Gumi kafin ya koma Abuja, saboda surukata kunnenta ya yi nauyi, labarai kuwa ba ta yarda su wuce ta. Ni na haɗa da kaina, sauti na fita, amma rimot ba ya ƙara shi. Ƙaramin rimot ɗin sifikar Hanif ya jefa a bokiti. Jiya tsohuwa ta yi ta dannawa har ta haƙura ta shige ɗaki, abin ya tsaya min a rai.

Abban Sadik: Wa alaikumus salam Hajiya. Leƙa bayan talabijin. Ramukan HDMI galibi biyu ne zuwa huɗu, amma ɗaya tak ke da rubutun ARC, nan za ki soka. A jikin sifikar kuma ki nemi HDMI OUT, kada ki sa a HDMI IN. Sai dai ARC sauti kawai yake kaiwa. Mai isar da umarnin rimot CEC ne, kuma sau da yawa a kashe yake zuwa. Samsung na kiransa Anynet+, LG kuma SimpLink, Sony Bravia Sync. Ki kunna shi a saiti.

Ɗan Kawo: Waya ce kawai. Ki sayi mai tsada, an gama.

Abban Sadik: Ba tsada ba ce, malam. ARC tun 2009 yake, wayar HDMI mai lafiya ta isa. Hajiya, bakin wayar taki mai faɗi ne?

Maman Hanif: A'a, siririya ce, bakinta na fitar da jan haske. Mai shagon ya ce ta fi fitar da sauti, shi ya sa na bar ɗayar a kwali.

Abban Sadik: To ga matsalar. Wannan sauti kaɗai take kaiwa ta hanyar haske, umarnin rimot ba ya bi ta cikinta. Ciro ta HDMI ɗin da ke cikin kwalin.

Anti Bilki, Rigasa: Ni tawa ta ARC ɗin ce, amma duk aka ɗauke wuta aka dawo sai sauti ya koma talabijin. Sai na zare dikoda, na cire komai daga soket na minti biyu, na fara kunna talabijin. Na gaji wallahi. Ƙanwata, bar taki yadda take.

Maman Hanif: Talabijin ɗin a manne yake da bango, hannuna ba ya shiga. Kuma ramin da kuke faɗa ina jin dikoda ce a ciki, mai haɗa dish ne ya sa, ba na son taɓa aikinsa.

Abban Sadik: Dikoda ko wane rami ta samu za ta yi. Tsaya ma, rimot ɗin talabijin Mama ke dannawa ko na dikoda?

Maman Hanif: Na dikoda mana, shi ta saba da shi. Bari maigida ya dawo Juma'a.