Malamin Hausa ya soke wa Ummi "ba" ta ƙarshe

Baban Ummi: Jama'a ku yi mana alƙalanci. Ummi ta rubuta "bana zuwa makaranta ran Lahadi ba", malaminsu ya sa jan biro ya soke "ba" ta ƙarshe, ya rage mata maki. Ni a sanina duk "ba" ta farko tana da ta ƙarshe: ban zo ba, ba zan zo ba. Malaman nan na yanzu su ne ke ɓata mana yara.

Sani Bolari: Baban Ummi, "bana" ka rubuta, ƙanwar bara? Raba su tukuna, "ba na", sannan mu saurari ƙara.

Baban Ummi: Kai Sani ina ruwanka da rubutuna? Maganar maki nake yi.

Hajiya Yelwa: Ai Sani bai yi ƙarya ba. Haka ake rubuto mana "baya cin abinci", ka rasa bayan wa ake nufi.

Malam Garba: Baban Ummi, ka yi haƙuri, malamin nan yana kan daidai. Misalanka biyu, ɗaya ya wuce, ɗaya bai zo ba tukuna, kuma su kam dole a rufe su: ya zo, bai zo ba, zai zo, ba zai zo ba. Na sabo ma haka, yakan zo, ba yakan zo ba. Amma abin da ake cikin yi, irin "ina zuwa", "tana dafawa", korewarsa ba ta da marufi: ba na zuwa, ba ta dafawa. Faɗi "ba ka zo ba" da "ba ka zuwa" a fili ka ji. A ta farko "ba" gajeriya ce, murya a ƙasa. A ta biyu ja ake yi, murya a sama. Rubutunmu ne ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa suke kama da juna a takarda.

Auwal Azare: To Malam, jiya kawuna ya ce min "ba na ƙi ba ne, hali ne babu". Ga "ba na" ga "ba" a ƙarshe. Shi ma a rage masa maki?

Baban Ummi: Yauwa Auwal! Allah ya yi maka albarka.

Malam Garba: Kawunka ya faɗi daidai, amma ba irin ta Ummi ba ce. Cire "ba" ɗin biyu, me ya rage? "Na ƙi", aikin da ya riga ya faru. Shi zancen gaba ɗaya ya kore, wato kada ka zaci ƙi ya yi. Yanzu cire su daga jimlar Ummi ka ji ko "na zuwa makaranta" zance ne. Gwada da zo ka gani sarai: "ba na zo ba ne don faɗa" ya zauna, "ba na zuwa" ya zauna, amma "zuwa" in ta biyo "ba na" ba ta karɓar marufi. In Ummi tana son wancan salon sai ta ce "ba wai ina zuwa ba ne".

Auwal Azare: Duk wannan dokar Kano ce. Mu a Guddiri da Hausarmu muka tashi.

Sani Bolari: Ku Bauchi da kuke cewa "mata ne", "na sayi riga wa Audu", ku ne za ku koya wa mutane Hausa?

Auwal Azare: Na ce maka Guddiri, ka ce Bauchi. Kuma Gombe fa? Sai 1996 aka yanke ku daga jikinmu, yau kun fi mu baki?

Hajiya Yelwa: Ku bar wannan. Malam, ni ga tawa: "ban ga yaron da bai zo ba". "Ba" biyu aka buɗe, ɗaya aka rufe. Ta wa ce ta ƙarshen?

Malam Garba: Ta duka biyun ce, Hajiya. In sun haɗu a ƙarshe ba a cewa "ba ba", ɗaya ke ɗaukar nauyin. Nan ma yara ke ruɗewa, su ji "ba na son wanda bai zo ba" su ɗauka marufin na "ba na" ne, alhali na "bai zo" ne.

Auwal Azare: Ni ban yarda ba. Kunnena yana neman ta biyun.

Baban Ummi: To ga abin da aka tsayar, don masu shigowa yanzu. Auwal ya kawo hujja daga bakin dattijo cewa ana faɗar "ba na" da "ba" a ƙarshe, kuma Malam Garba da kansa ya ce daidai ne. Sauran duk rikicin Kano da Gombe ne. Litinin zan je makarantar.

Sani Bolari: Ka tafi da Malam Garba.