Fotasiyam 6.8, mara lafiya kuma yana hira: a jira ko a tashi?

Nas mai kwanan dare: Ni dai na tsaya a kan cewa in sakamako ya dawo da fotasiyam 6.8 amma mara lafiya na zaune yana hira, ba sai an ta da kowa ba. Yawanci jinin ne ya lalace a kwalba. A sake ɗiba da safe.

Sistar ɗakin wankin ƙoda: A'a ƙanena, kada hirarsa ta ruɗe ka. Daidai shi ne 3.5 zuwa 5.0 milimol a lita, daga 6.5 kuwa an shiga gaggawa. Fotasiyam zuciya yake taɓawa, sau da yawa ba alamar da za ka gani a fuska sai bugun ya rikice. In ma akwai, kasala ce a ƙafafu ko jin zuciya na tsallake bugu. Sake gwajin ya zama yanzu, a kuma ɗauki I-si-ji, wato zanen bugun zuciya, nan take, a kira likita.

Mai aikin ɗakin gwaji: Sista, amma yana da 'yar gaskiya. In an daɗe da ɗaure hannu, ko aka matsa jini ta siririyar allura cikin kwalba, jajayen ƙwayoyin jini kan fashe su zubar da fotasiyam ɗinsu. Haka in aka tsiyayo daga kwalba mai murfi shunayya, domin maganin hana daskarewar da ke cikinta fotasiyam gare shi. Mu muna gane fashewar, ruwan saman jinin kan yi ja-ja.

Sistar ɗakin wankin ƙoda: Na yarda, Malam. To mu ɗauki dattijo mai ciwon suga da hawan jini, yana shan lisinofiril da sifironolakton, ya ƙara da diklofenak saboda gwiwa, fitsarinsa na yini bai kai mil 400 ba. Wannan 6.8 ɗinsa gaskiya ce har sai an tabbatar da akasi. A takardar I-si-ji, inda ake kiran sassan zanen kowane bugu P, QRS da T, ka duba T, za ka gan ta doguwa mai tsini kamar hular kwano da aka matse. In P ta kwanta, QRS ya buɗe, lokaci ya ƙure. Ko takardar ta fito ƙalau ma, ba ta wanke shi ba.

Aikinka: dakatar da waɗancan magunguna da duk ruwan da aka sa wa fotasiyam, ka sami jijiya mai kyau. Likita zai rubuta kalsiyam gulukonet mai kashi 10 cikin ɗari, mil 30 a hankali cikin minti 10. Shi zuciya kawai yake karewa, na minti 30 zuwa 60, ba ya rage lambar ko kaɗan. Mai tura fotasiyam cikin ƙwayoyin jiki shi ne insulin yunit 10 tare da gulukos giram 25. Nan ake yawan sakaci: suga kan faɗi bayan awa ɗaya ko biyu, musamman ga mai ciwon ƙoda. Ka riƙa auna shi na aƙalla awa 6, in ka ga gumi da rawar jiki kada ka jira lokacin awo.

Ɗalibar shekarar ƙarshe: Ranki ya daɗe, kenan sai mu hana shi kunun kanwa? Kakata na sha kullum, nata fotasiyam ɗin 3.0 ne.

Sistar ɗakin wankin ƙoda: 'Yata, kanwa yawancinta sodiyam ce, sunan "potash" da Turawa ke kiranta da shi ne ya ruɗe ki. Ayaba da dabino ake taƙaita wa mai yawan fotasiyam. Kakarki kuwa ƙaranci gare ta, a duba ko gudawa ce ko tana shan furosemayid, maganin sa fitsari. In har za a ƙara mata ta jijiya, kada a taɓa tura shi da sirinji, yana tsayar da zuciya. A gauraya shi sosai a ledar ruwa, kada ya wuce milimol 10 a awa a ɗakin kwanciya, bayan an tabbata tana fitsari.

Tsohon nas a ɗakin gaggawa: Tunda an taɓo sodiyam, shi daidai ɗinsa 135 zuwa 145, kuma ƙwaƙwalwa yake kamawa. Ƙasa da 125 sai ka ga amai, ciwon kai, ruɗewa, har jijjiga. Mai jijjiga ana ba shi ruwan gishiri mai kashi 3 cikin ɗari, mil 150, amma hawan kada ya wuce milimol 10 a awa 24. In an yi gaggawa, kwana biyu zuwa shida sai magana ta sarƙe, haɗiya ta gagara. Sama da 145 kuma, tsoho ne da ba ya iya neman ruwa, harshe a bushe. Shi ma a hankali ake sauko da shi, ana rubuta abin da ya shiga da wanda ya fita.

Nas mai kwanan dare: Na janye batun safiya. Amma in ba ciwon ƙoda, ba magani, ɗakin gwaji kuma ya ce jinin ya fashe, ba zan so a ɗura insulin kafin sabon sakamako ba.

Sistar ɗakin wankin ƙoda: In sakamakon zai dawo cikin awa ɗaya, I-si-ji kuma lafiya, ba mu da saɓani. In sai gobe zai fito fa?